Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ake Ƙera Tambayar da Za Ta Tona Inda Ɗalibi Ya Ɓata?

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a aji biyu a wata babbar makaranta a nan cikin garin Bauchi, ina zaune a Yelwa. Duk ranar Asabar nakan tara ƙannena 'yan aji ɗaya, su kamar arba'in, ina yi musu tutoriyal na Fiziks. A zangon da ya wuce na zauna da not ɗin lacca da handawut na fitar musu da tambayoyin obijektib har guda sittin. Kusan kowa ya ci fiye da hamsin, muka yi ta murna. Da aka zo jarrabawa ta gaske sai da yawansu suka sha ƙasa, wasu har da kari-oba. Abin ya dame ni ƙwarai. Ina na kuskure? Kuma yaya zan tsara amsoshin nan na ƙarya, don su riƙa nuna mini abin da yaran ba su gane ba tun kafin ranar jarrabawa?

Daga wata ɗaliba, Yelwa, Bauchi.

AMSA: 'Yata, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya. Ban ga tambayoyinki sittin ba, amma zan iya cankar kamanninsu, domin ni ma da irinsu na fara lokacin da nake sabon malami. Mutum yakan buɗe not, ya sami jimlar da aka ja wa layi, ya cire kalma ɗaya daga ciki ya mayar da ita amsa, sannan ya laluɓo wasu kalmomi uku ya cike gurbi da su. Misali, not ya ce ana auna ƙarfi da niyuton. Sai a tambaya da me ake auna ƙarfi, a jera niyuton da lita da mita da sakan. Yaron da bai taɓa shiga lacca ba ma ya san lita ta man fetur ce, mita ta awon yadi ce, sakan kuma ta agogo. Saura ɗaya. Ya ci maki, ke kin ji daɗi, shi ya ji daɗi, alhali babu wanda ya san abin da ke cikin kansa. Hamsin ɗin da suka ci shaida ce cewa sun taɓa ganin shafin, ba ta wuce nan ba.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, not ɗin lacca amsar gaskiya kawai yake ba ki. Amsoshin ƙarya, waɗanda zan riƙa kira amsoshin tarko, ba a cikin not suke ba, suna cikin kawunan ƙannen naki, kuma can za ki je ki ɗebo su. Kowace amsar tarko ta zama inda wani kuskure na gaske yake kai mai shi. Idan kin rubuta tarko kuma kin kasa faɗin irin tunanin da zai sa mai hankali ya zaɓe shi, to ki goge, cikon benci ne.

Bari mu ɗauki shafi ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Tunda Fiziks na aji ɗaya kike koyarwa, na san akwai shafin dokokin Newton. A nan not zai ba ki `F = ma`, wato jimillar ƙarfin da ke aiki a kan abu daidai take da `m` sau `a`. Zai ba ki `W = mg`. Zai kuma ce gogayya tana adawa da motsi. Layi uku ke nan. Kada ki tambaye su layin. Ki tambayi kanki, wanda ya fahimci layukan nan uku, me zai iya yi da wanda ya haddace su kawai ba zai iya ba? Zai iya duba abu yana tafiya ya tantance ƙarfin da ke tura shi gaba da wanda ke ja da shi baya, ya san wanda zai ɗebe daga wani, ya kuma san wanda ba ruwansa da lissafin. To a kan wannan za ki gina tambaya, kuma ki gina ta da abin da suke gani kullum. Babu ɗalibin da ya zauna a Yelwa ko Gwallameji da bai san mai ruwa da kurarsa ba.

Ga yadda na fara rubuta ta. Mai ruwa yana tura kura a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, kurar da jarkokinta kilo 200. Yana turawa da ƙarfin niyuton 300, gogayya kuma niyuton 100 ce. Nawa ne `a`, wato yadda gudun kurar ke ƙaruwa? Amsa: a ɗebe 100 daga 300, saura 200, a raba da 200, a sami 1. Tambaya ce mai kyan gani, amma tana da rami. Akwai yaran da ke juya lissafin, su raba `m` da `F` maimakon su raba `F` da `m`. Da waɗannan alƙaluma, 200 a raba da 200 ko ta ina aka juya 1 ne. Mai kuskure ya ci maki da kuskurensa, ya tafi da shi ɗakin jarrabawa. Shi ya sa bayan kin zaɓi alƙaluma sai ki bi kowace ɓatacciyar hanya da biro, ki tabbata ba ta ɓulla gidan gaskiya ba. Ki guji 1 da 2 da lambobin da suka yi daidai da juna, domin 2 sau 2 da 2 a tara da 2 duk 4 ne.

Sai na gyara. Jarka goma, kowace lita 20, ruwan kilo 200 ke nan, kurar da jarkokin kansu kilo 50, jimilla kilo 250. Turi 300, gogayya 100, a ɗauki `g` a matsayin 10. Amsar gaskiya ita ce 200 a raba da 250, wato 0.8. Yanzu sai mu bi masu ɓata hanya ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya manta da gogayya, ya ɗauka `F` ɗin da ke cikin dokar turin mai ruwa ne kawai, zai raba 300 da 250 ya sami 1.2. Wanda ya ji an ce jimillar ƙarfi sai ya tara komai ba tare da duba inda kowane ya dosa ba, zai sami 400 a raba da 250, wato 1.6. Mai juya lissafi zai sami 1.25. Wanda ya mayar da kilo 250 zuwa niyuton 2,500 ya raba da shi zai sami 0.08. Akwai kuma wani, wanda ni na fi so in kama, da zai ce kurar ba za ta motsa ba sam, domin yaya ƙarfin 300 zai ture nauyin 2,500? Wannan yaron ba malalaci ba ne, ya yi tunani. Abin da ya kuɓuce masa shi ne nauyi ƙasa yake dannawa, ƙasa kuma ta tallafe shi, turi kuwa gaba ya dosa, don haka ba kokawa suke da juna ba.

Kin ga daga layi uku mun sami tarko biyar, kowane da sunan cutarsa. Ba duka za ki zuba ba. Ki ɗauki uku:

A. 0, kurar ba za ta motsa ba
B. 0.8 m/s²
C. 1.2 m/s²
D. 1.6 m/s²

Sauran biyun ki ajiye su don wata tambayar mai kama da wannan a mako na gaba. A littafinki na sirri kuma, a gefen kowane harafi, ki rubuta fassararsa: A, yana gwada turi da nauyi, C, ya manta gogayya, D, ba ya duba alƙibla. Wannan rubutun na gefe shi ne ainihin aikin. Ran da kika ga mutum goma sha biyar sun zaɓi C, kin san abin da za ki koyar a Asabar mai zuwa ba tare da kin tambayi kowa ba.

Za ki ce, to Malam, kai ka daɗe kana koyarwa, ka san kurakuran, ni a ina zan samo su? Hanyar da ta fi kowace ita ce ki fara ba su tambayar tsirara, babu zaɓi ko ɗaya. Ki rubuta ta a allo, kowa ya yago 'yar takarda ya yi lissafinsa ya rubuta dalilinsa a jimla ɗaya, kada ya sa suna. Cire sunan yana da amfani, domin yaranmu sun fi tsoron a yi musu dariya fiye da tsoron faɗuwa. Ki kwashe takardun ki je ɗaki ki kasa su kashi-kashi kamar mai kasa tumatir a kasuwar Muda Lawal, duk masu amsa iri ɗaya a tuli ɗaya. Za ki tarar kurakuran ba su da yawa kamar yadda kike zato. Mutum arba'in ba sa yin kuskure arba'in, sukan taru ne a kan uku ko huɗu. Manyan tulin nan su ne tarkunanki, kuma ki rubuta su da irin kalmomin da yaran suka yi amfani da su, domin mai kuskure ya ga maganarsa ya gane ta.

Ba ni na ƙago wannan dabara ba. A Jami'ar Jihar Arizona ta Amurka, David Hestenes da abokan aikinsa sun yi shekaru suna ba ɗalibai tambayoyi suna kuma zama da su suna jin yadda suke tunani a kan motsi. A 1992, shi da Malcolm Wells da Gregg Swackhamer suka wallafa gwajin da aka fi sani da FCI, wanda amsoshinsa na tarko daga irin tunanin ɗaliban aka ciro su. Babu wani lissafi mai wuya a cikinsa, har malamai da yawa suka raina shi da farko. Eric Mazur na Jami'ar Harvard ya ba da labarin yadda ya gwada irin tambayoyin nan a kan ɗalibansa a farkon shekarun 1990, yana da yaƙinin za su cinye, sai wata ɗaliba ta tambaye shi ko ta amsa yadda ya koyar da su ne ko kuwa yadda ita take ganin abin. Idan haka ta faru a Harvard, kada ki ga laifin 'yan Asabar ɗinki.

Akwai wata rijiyar kurakurai da Bature ba zai nuna miki ba, ita ce harshenmu. Ana koyar da yaran da Turanci, amma da yawansu da Hausa suke tunani, ko da ba ita ce harshen gidansu ba, tunda ita ce ta titi a Bauchi. Mu kuwa kalma ɗaya gare mu, nauyi, a inda littafi ya raba abu biyu, `m` da ake aunawa da kilo da `W` da ake aunawa da niyuton. Kalmar ƙarfi ta fi haka ɗaukar kaya: da ita muke faɗin turi, da ita muke faɗin kuzarin inji, da ita muke faɗin ƙarfin wutar lantarki, abubuwan da Fiziks ya ba kowane sunansa da ma'auninsa. Yaron da ya sami 0.08 ɗazu, mai yiwuwa ba lissafi ne ya kayar da shi ba, nauyi biyun ne suka zame masa ɗaya. Saboda haka idan kina karanta not, duk inda kika ga kalmomi biyu na Turanci da za ki fassara da kalmar Hausa ɗaya, ki sa alama, akwai tarko a wurin. Tambayoyin dai ki rubuta su da Turanci tunda da shi za a yi jarrabawa, amma bayanin kuskure ki yi shi da Hausa in ya kama, babu abin kunya a ciki.

Yanzu tambaya ta biyu daga shafin nan, wadda babu lissafi a cikinta, kuma na fi ba ta muhimmanci a kan ta farko. Mai ruwan nan ya kama shimfiɗaɗɗiyar hanya, kurar tana tafiya a miƙe da gudu iri ɗaya, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Wace magana ce daidai?

A. Turinsa ya fi gogayya ƙarfi
B. Turinsa daidai yake da gogayya
C. Gogayya ta fi turinsa ƙarfi
D. Babu gogayya tunda kurar tana tafiya

Amsa B ce. Gudu ba ya canzawa, ke nan `a` sifili ne, ke nan jimillar ƙarfi sifili ce. Amma ki gwada ki gani, A za ta kwashi jama'a, har da waɗanda suka ci tambayar farko. Dalili kuwa shi ne duk rayuwar mutum tana gaya masa cewa abu ba ya tafiya sai an fi ƙarfinsa. Masana da yawa sun yi ƙarnoni a kan irin wannan fahimta tun daga Aristotle, kafin Galileo da Newton su warware ta. Yaro zai iya rera dokar Newton ta farko kamar karatun allo, amma in an kawo kura ya koma wa abin da idonsa ya saba gani. Tambayar da ke neman ya faɗi dokar ba za ta taɓa kama wannan ba.

Ki lura da yadda na jera zaɓin. Tsawonsu kusan ɗaya ne. Mu malamai muna da wata ɗabi'a, mukan tsawaita amsar gaskiya mu yi mata ado da sharuɗɗa don kada a kama mu da kuskure, mu bar na ƙarya guntaye. Ɗaliban da suka sha jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 gaba ɗayanta a kwamfuta ake yi da zaɓi huɗu, sun daɗe da gane wannan, in sun rasa sai su danna mafi tsawo. Haka nan ki bar sa “duk na sama daidai ne”, domin wanda ya gane biyu daidai ne ya gama. “Babu ko ɗaya” kuma, ko yaro ya zaɓe ta ya ci, ba ki san abin da yake ɗauka daidai ba. Ki kuma yawata amsar gaskiya tsakanin haruffa, kada ta zauna a C kullum. Waɗannan ƙananan abubuwa ne, da kin yi sau biyu za su zame miki jiki.

Abin da ya fi su shi ne abin da za ki yi bayan sun amsa. Yawancinmu mukan ƙirga maki mu tashi, alhali ribar tana cikin ƙirga haruffa. Mu ƙaddara yaranki arba'in sun amsa tambayar kura ta biyu, 21 suka zaɓi A, 12 suka zaɓi B, 6 suka zaɓi C, mutum 1 ya zaɓi D. Alƙaluman misali ne na ƙirƙira, amma ga yadda ake karanta irinsu. Da canki-canka suka yi, da kowane harafi ya sami wajen mutum goma. Taruwar 21 a kan A tana nuna ba caca suka yi ba, akida ce suke riƙe da ita, kuma ita za ki tunkara. D kuwa mutum ɗaya cikin arba'in, kashi 2.5 cikin ɗari ke nan. Masu nazarin jarrabawa sukan ɗauki tarkon da bai kama kashi 5 cikin ɗari ba a matsayin matacce. Ki cire shi, ki koma cikin takardun nan marasa suna ki nemo wani. In ba ki samu ba, ki bar tambayar da zaɓi uku. Michael Rodriguez ya tattara binciken shekara tamanin a kan wannan batu ya wallafa a 2005, ya nuna zaɓi uku sun wadatar a mafi yawan lokuta. Na san za ki so ki yi huɗu don ya yi kama da jarrabawar gaske, to babu laifi in kina da tarko uku masu rai, amma kada ki ƙirƙiro na huɗu don ado.

Sai awo na biyu, wanda zai gaya miki ko tambayar kanta lafiyayya ce. Ki jera takardun bisa jimillar maki, ki ware na sama da na ƙasa, kashi 27 cikin ɗari kowane ɓangare kamar yadda aka saba, wato mutum 11 da 11 a cikin arba'in. A ce 7 daga na sama sun ci tambayar, 1 kawai daga na ƙasa. Bambancin 6, a raba da 11, ya ba da wajen 0.55. Wannan tambaya tana rarrabe wanda ya gane da wanda bai gane ba. In kuwa kika ga na ƙasa sun fi na sama cin ta, ko kika ga gwanayenki sun taru a kan wani tarko guda, to ki tsaya, kada ki yi saurin cewa sun ɓata. Sau da yawa laifin na mai tambaya ne. Na taɓa ba wani aji irin tambayar nan na manta ban ce hanyar shimfiɗaɗɗiya ba ce. Wani yaro mai kaifin kai ya zaɓi A, da na tambaye shi sai ya ce ai shi hawa ya ƙaddara, domin unguwarsu duk tudu ce, kuma a kan hawa dole turi ya fi gogayya ko da gudun bai canza ba. Gaskiyarsa. Na ba shi makinsa na gyara tambayata. Bauchi gari ne na duwatsu, kada ki manta da rubuta kalmar nan.

Ƙirgar ba ta buƙatar na'ura, tsinke-tsinke a bayan littafi ya isa. In kina da kwamfuta ko waya mai Excel, ki sa amsoshin tambaya ɗaya a layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ki rubuta:

```
=COUNTIF(B2:B41,"A")
```

Sai ki canza harafin don sauran. Google Forms ma in kin mayar da shi na kacici-kacici yakan nuna yawan waɗanda suka zaɓi kowace amsa, sai dai ki tuna ba kowa ke da data ba, kuma amsar da aka yi a ɗaki da waya ba ki san kan mutum nawa ya haɗu a kanta ba.

Duk da haka harafi ba ya magana. Wanda ya zaɓi B mai yiwuwa ya gane, mai yiwuwa kuma sa'a ce, tunda makaho ma yana da damar ɗaya cikin huɗu. Maganin wannan shi ne tambaya mai hawa biyu, wadda David Treagust na Ostareliya ya yi fice da ita tun wajen 1988: a hawa na farko a zaɓi amsa, a na biyu a zaɓi dalili, ba a cin maki sai an dace da duka biyun. In zaɓi huɗu ne a kowane hawa, damar mai canka ta koma ɗaya cikin goma sha shida. Ba sai kin yi wa kowace tambaya haka ba, zai gajiyar da ke da su. Ki zaɓi uku ko huɗu da suka fi muhimmanci. Ko kuma ki yi abin da ya fi sauƙi, ki ce kowa ya sa alama a gefen amsar da yake da tabbaci a kanta. Wanda ya faɗi yana shakka, bayani kaɗan ya ishe shi. Wanda ya faɗi yana bugun ƙirji, shi ne mai aiki, domin sai kin rushe kafin ki gina.

Ga gargaɗin da ba na so ki wuce shi. Tarko mai kyau yana da haɗari, saboda ƙarya ce da aka yi wa kwalliya. Henry Roediger da Elizabeth Marsh sun nuna a 2005 cewa ɗaliban da suka amsa tambayoyin zaɓi ba a yi musu gyara ba, sukan dawo daga baya su rubuta wasu amsoshin ƙaryar a matsayin gaskiya. A 2008 kuma Andrew Butler da Roediger suka nuna cewa yin gyara bayan gwajin yana rage wannan illa. Ke nan kada ki taɓa raba tambayoyi ki ce za a yi gyara in an samu lokaci. In lokacin bai isa a yi gyara ba, to tambayoyin ne suka yi yawa. Gyaran kuma kada ya tsaya a “amsa B ce”. Ki kira 'yan A su kare kansu, ki kira 'yan B su ba su amsa, ki bar su su yi gardama na minti biyu ko uku kafin ki sa baki. Mazur da irin wannan gardamar ya gyara ajinsa, ya kuma rubuta littafi a kanta a 1997. Sau da yawa wanda ya gane abu jiya ya fi wanda ya gane shi shekara goma da suka wuce iya bayyana shi, don bai manta inda ya yi tuntuɓe ba. Idan gardama ta ƙi ƙarewa, ki tambayi 'yan A: in turi ya fi gogayya, akwai ragowar ƙarfi ke nan, to me dokar ta ce ragowar ƙarfi yana yi wa gudu? Da bakinsu za su ce yana ƙara shi. Sai ki tuna musu an ce gudun ba ya ƙaruwa. Ki yi shiru ki bar su da abin.

Bayan mako biyu ki dawo da cutar nan cikin wata riga. Kura ta zama Keke Napep mai tafiya da gudu ɗaya a miƙaƙƙen titi shimfiɗaɗɗe, ko guga da ake jawowa daga rijiya ba a ƙara sauri. In 'yan A sun ragu daga 21 zuwa 8, gyaran ya shiga. In kin maimaita tambayar kura da kalmominta, harafin B kawai za su tuna.

Batun yawa kuma, sittin ɗin nan ki rage su. Tambaya irin wadda na kwatanta takan ci mini minti ashirin ko fiye kafin ta tsaya da ƙafarta, ke ma kina da naki karatun. Daga laccar awa biyu, tambaya biyar zuwa takwas sun isa, a ɗauko su daga wuraren da malami ya daɗe yana nanatawa da wuraren da ke kanki kika sha wuya bara. Ma'anoni da ma'aunai da sunaye, waɗanda hadda kawai suke so, ki bar su su yi wa juna tambaya baki da baki, ba sai an ɓata musu takarda ba. Kuma ki duba tsofaffin takardun jarrabawar kwas ɗin. In malamin yana ba da tambayoyin da ake warware lissafi a rubuce, to obijektib kaɗai ba zai shirya su ba, domin gane amsa a cikin jeri daban, fito da ita daga farar takarda daban. Sai ki sa su rufe zaɓin da hannu, su yi lissafinsu, sannan su buɗe su duba.

Wani abu na ƙarshe. Kafin ki kai wa yara kowace tambaya, ki ba wata ƙawarki da ta ci kwas ɗin ta amsa ba tare da kin gaya mata komai ba, in da hali kuma ki nuna wa malamin kwas ɗin. Ke ma ɗaliba ce, kuma babu abin da ya fi ɓarna kamar a ce amsar da kika sa wa alamar daidai ita ce tarkon. Asabar mai zuwa ki fara da tambayar kura ta biyu, tsirara, babu zaɓi, babu suna. Ki kasa takardun, ki rubuto mana abin da kika tarar a tuli mafi girma. Allah ya ba ku sa'a, ke da ƙannen naki.